Yadda 3 ga Afrilu ke komawa 4 ga Maris a cikin Excel

Duk wanda ya taɓa haɗa lissafin ƙarshen wata daga hannun mutane daban-daban ya san wannan ciwon kan. A ce kantin magani ne mai rassa uku, kowane reshe yana aiko da cinikinsa na watan Afrilu. Reshe na farko manhajarsa ce ke fitar da fayil, tana rubuta 2024-04-15. Na biyu yaron kanti ne ke bugawa da hannu, 15/04/2024. Na uku kuwa ya saba da ɗigo, 15.04.2024, wani lokacin ma idan nishaɗi ya zo masa sai ya rubuta 5 Afrilu 2024. Akawu ya zuba su duka a shafi ɗaya na Excel, ya ce a jera masa daga farkon wata zuwa ƙarshe, sai jerin ya fito a hargitse. Ya nemi PivotTable ta tara masa wata-wata, ta amsa masa da "Cannot group that selection".

Tushen matsalar shi ne, abin da ido ke gani a matsayin kwanan wata ba lallai ne Excel ta ɗauke shi haka ba. A wurinta kwanan wata na gaskiya lamba ce kawai, ƙidayar ranaku tun daga 1 ga Janairun 1900, wadda ta ba lamba 1. Ranar 1 ga Janairun 2024 ita ce 45292, 3 ga Afrilun 2024 kuma 45385. Siffar da ake gani a gurbi, ko 03/04/2024 ko 3-Apr-24, riga ce aka sa wa lambar. Da lambar ake jerawa, da ita ake cire wannan rana daga waccan, daga cikinta kuma ake ciro wata da shekara. Idan abin da ke gurbin rubutu ne zalla, to harafi-harafi za a jera shi daga hagu, kamar sunayen 'yan makaranta. Shi ya sa 01/12/2024 ke zuwa gaban 30/01/2024, alhali Disamba ce da Janairu.

Gane wanne ne wanne ba shi da wuya. Idan ba a taɓa daidaita gurbin ba, rubutu yana jingina da hagu, lamba tana jingina da dama. Amma gwajin da ba ya ƙarya shi ne a buɗe sabon layin tsaye a gefe a sa wannan:

```
=ISNUMBER(A2)
```

Inda aka ga TRUE, kwanan wata ne na gaskiya. Inda aka ga FALSE, rubutu ne. Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su zaɓi layin gaba ɗaya, su shiga Format Cells su danna Date, su ɗauka an gama. Ba abin da ya canza. Rigar ce aka sauya, rubutun yana nan yadda yake.

Sai dai waɗanda suka tsaya a rubutu ba su ne abin tsoro ba, tunda suna nuna kansu. Abin tsoron yana cikin waɗanda suka ba da TRUE.

A Najeriya da Nijar rana muke farawa da ita, sannan wata, sannan shekara. A Amurka wata ne ke gaba. Kwamfutoci da yawa da ake saye a kasuwanninmu suna zuwa ne da saitin yanki na Amurka, kuma ba kowa ke kula ya canza ba. Excel tana bin wannan saitin ne wajen fassara abin da aka buga mata ko aka buɗe daga fayil ɗin CSV. To ga fayil ɗin reshe na biyu an danna shi sau biyu ya buɗe a irin wannan kwamfutar. Ta iske 25/04/2024, ta ga babu wata na 25, ta bar shi a rubutu. Ta iske 03/04/2024, ta ga akwai wata na 3 kuma akwai rana ta 4, sai ta mai da shi 4 ga Maris, lamba 45355, ba tare da ta ce uffan ba. A allo kuma kusan yadda aka rubuta shi zai ci gaba da bayyana, don haka ido ba zai kama komai ba. Cinikin 3 ga Afrilu ya koma baya da kwana 30, ya faɗa lissafin Maris.

Duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba tana cikin wannan haɗarin. Ranaku 12 a watanni 12 sun kama 144. A cire guda 12 da rana da wata suka zo ɗaya, irin su 04/04, waɗanda ko an juya su ba sa canzawa, saura 132 a shekara. Wato sama da kashi ɗaya cikin uku na ranakun shekara za su iya sauka a watan da ba nasu ba, sauran kuma da suka wuce 12 su tsaya a rubutu, fomula irin SUMIFS da ke tara kuɗi tsakanin ranaku biyu ta tsallake su. A misalinmu, abin da zai rage a jimillar Afrilu ta wannan reshen cinikin rana ɗaya ne tak, 4 ga wata.

Wannan ɓarnar tana da tambari, kuma wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mantawa. Fayil na Afrilu ne, amma sai ga ciniki a 4 ga Janairu, 4 ga Fabrairu, 4 ga Mayu, har 4 ga Disamba, watan da bai ma kama ba. Kowane wata rana ɗaya, kuma kullum 4. Idan kuma aka duba waɗanda suka tsaya a rubutu, duk lambarsu ta farko ta haura 12.

Gyara mafi tsabta shi ne a koma ga fayil na asali a hana Excel yin hasashe tun daga ƙofa. Kada a buɗe CSV da danna sau biyu. A shiga Data, a zaɓi From Text/CSV, sannan Transform Data. A can, idan an ga matakin Changed Type da manhajar ta sa da kanta, a goge shi, domin a nan ne hasashen yake faruwa. Daga nan a danna kan layin kwanan wata da maɓallin dama, Change Type, Using Locale, a zaɓi Date da English (United Kingdom), wadda ke fara rubutu da rana kamar mu. Kuma kowane reshe a shigo da nasa daban kafin a haɗe su. Dalili kuwa, 03/04/2024 shi kaɗai ba ya ɗauke da amsar ko Afrilu ne ko Maris. Sanin wanda ya rubuta shi ne ke warwarewa. Da zarar an cakuɗa fayilolin ba tare da layin da ke nuna inda kowane ya fito ba, an zubar da wannan shaidar.

Idan kuwa an riga an samu duka a matsayin rubutu a layi ɗaya, kuma an tabbatar babu mai fara rubutu da wata a cikin masu aikowa, fomula za ta iya yanka kowanne gida uku ta sake gina shi. Da farko a share guraben banza a layin B, har da wani gurbin da ba a gani wanda ke biyo abin da aka kwafo daga intanet:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))
```

Sannan a layin C:

```
=IF(MID(B2,5,1)="-",
 DATE(LEFT(B2,4),MID(B2,6,2),MID(B2,9,2)),
 DATE(MID(B2,7,4),MID(B2,4,2),LEFT(B2,2)))
```

Abin da take yi shi ne ta leƙa harafi na biyar. Idan karan ɗori ne, to shekara ce a gaba, tsarin ISO 8601 ke nan, sai ta ɗauki huɗun farko a matsayin shekara. Idan ba haka ba, ta ɗauki biyun farko a matsayin rana, ba ruwanta da ko ɗigo ne ya raba su ko sanda. Na fi son wannan a kan DATEVALUE, domin DATEVALUE ita ma saitin kwamfutar take bi: fayil ɗaya zai ba da amsa ɗaya a ofis, ya ba da wata a kwamfutar mai kanti a gida.

Fomular tana da iyakarta. Wanda ya rubuta 5/4/2024 ba tare da sifili ba, za ta ba da #VALUE!, kuma hakan alheri ne, don an ga inda za a duba. Irin waɗannan a ware su, a bi da su ta Text to Columns, a mataki na uku a zaɓi Date da DMY. Masu sunan wata da Hausa su ma #VALUE! za su bayar; idan ba su da yawa gara a gyara da hannu, tunda wani Afrilu zai rubuta, wani Afirilu. Wanda ya fi wayo shi ne halin DATE na rashin ƙin karɓar wata na 15. Idan 04/15/2024 ya sulale cikin jerin, ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ƙirga watanni 15 daga farkon 2024 ta ba da 4 ga Maris 2025. Shekara mai lamba biyu ma tana da nata tarkon: idan aka buga ta kai tsaye, 00 zuwa 29 Excel kan kai su shekarun 2000, 30 zuwa 99 kuma shekarun 1900.

To idan asalin fayil ɗin ya ɓata, abin da ya rage sai wanda Excel ta riga ta juya? Ana iya mai da rana da wata mazauninsu ga waɗanda suka ba da TRUE:

```
=DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2))
```

Amma wannan wuƙa ce mai kaifi biyu. Ba za a sa ta ba sai a layukan da aka tabbatar sun fito daga reshen da aka juya wa ranaku. Na reshe na farko, masu shekara a gaba, daidai Excel ta karanta su, kuma su ma TRUE za su nuna. Aka bi ta kansu da wannan fomular, an lalata mai kyau. A nan rasit da littafin kanti sun fi kowace dabara.

Bayan an samu layin C, a sa masa siffar kwanan wata, a ƙara layin wata da `=DATE(YEAR(C2),MONTH(C2),1)`, wanda ke mai da kowace rana 1 ga watanta. Wasu sun fi son `TEXT(C2,"yyyy-mm")`, kuma yana jeruwa daidai, sai dai idan fayil ɗin zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram inda kwamfuta ke kan saitin Faransanci, "aaaa" ake sa wa shekara a can, sai fomular ta fitar da shirme. Tara lissafi da sunan wata kaɗai kuwa yana haɗe Afrilun bana da na bara a tulu ɗaya.

Kafin a miƙa rahoto, a gwada COUNT na layin C da COUNTA na layin A: na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu duk gurbin da ba fanko ba, don haka in ban da kan layi dole su zo ɗaya. A duba MIN da MAX. Fayil na Afrilu bai kamata ya fara kafin 45383 ko ya wuce 45412 ba, wato 1 da 30 ga wata. A ƙarshe a tara jimillar kowane wata a gwada da jimillar kuɗin da ke shafin tun kafin a taɓa shi. Layin A na asali kuma a bar shi yadda ya zo, kada a rubuta komai a kansa, domin ranar da mai reshe na biyu zai ce shi bai sayar da komai a 4 ga Maris ba, nan za a koma a duba.