Kafin Iskar Farkon Damina: Yadda Ake Duba Rufin Makaranta

Yawancin ajujuwan da ake gani a tsaye ba rufi a ƙauyukan Kano, Katsina ko Jigawa ba ruwan sama ne ya kashe su ba. Iska ce, wadda ke zuwa da hadarin farko a watan Mayu ko Yuni, ta ɗaga ƙura, ta yaye kwano a cikin 'yan mintoci. Ita kuma ba ta fara da tsakiyar rufi. Bakin rufi take nema, da kusurwa, da ƙololuwa, duk inda kusa ta yi sako-sako. Da zarar ta ɗaga fallen kwano ɗaya ta shiga ƙarƙashi, sai ta riƙa turawa daga ciki tana tsotsa daga sama, sauran su bi.

Don haka babban duban shekara a watan Fabrairu ko Maris ya kamata a yi shi. Katako ya bushe, kafintoci ba su shiga rububin gyaran damina ba, kuma akwai wata biyu na neman kuɗi. Hedimasta ya ware littafi guda na rufi kawai, kowane gini da shafinsa, da zanen rufin ko da da biro ne. Mai kula da makaranta shi ne ido, hedimasta shi ne alƙalami, amma ranar dubawa tare za su zaga.

A fara daga ƙasa, ba a taɓa tsani ba. A ja da baya a kalli layin ƙololuwa: miƙe yake ko ya lotsa a tsakiya? Lotsawa alama ce ta katakon ciki ya gaji ko gara ta ci shi, kuma wannan ba aikin faci ba ne. Sai a zaga ginin ana duba bakin rufi, a ga ko akwai fallen da ya ɗaga kai, ko katakon da ke rufe baki ya ruɓe. Idan an tarar an ɗora duwatsu ko tsohuwar taya a sama, to wani ya riga ya san kusa ta saki, ya danne maganar. A bi jikin bango da ido: siririyar hanyar laka da ta hau sama ta gara ce. A fasa ta, a dawo bayan kwana biyu. In an sake gina ta, garar na nan da rai.

Daga nan sai cikin aji. A duba silin: tabon ruwa mai ruwan ƙasa, kumburi, ko allon da ya zazzago. Abin lura shi ne ba kasafai hudar ke daidai saman tabon ba, domin ruwa yakan bi katako ya gangara kafin ya ɗiga, saboda haka sai a nemi hudar daga tabon zuwa sama. Inda babu silin, a rufe tagogi da rana tsaka a ɗaga kai. Kowace huda za ta nuna kanta da ɗigon haske. Inda akwai silin, a leƙa ta ƙofarsa da tocila da sukundireba. A soka katakon, musamman inda ya kwanta a kan bango. Mai lafiya yakan ƙi. Wanda gara ta cinye sai ƙarfen ya nutse, don takan bar fatar waje lumui ta rarake ciki. Warin kashin jemage ma abin rubutawa ne, domin yana tara danshi da nauyi a kan silin.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe shi ne ɗaurin rufi da bango. Katakon da ke kwance a kan bango ana ɗaure shi da langalanga ko rodin da aka binne a cikin ginin, aka lanƙwaso shi a kansa. Sarƙa ce: kwano na riƙe da tubaitu, tubaitu na riƙe da tubaifo, shi kuma na riƙe da bango. Duk inda ta tsinke, abin da ke sama na iska ne. Rufin da aka gani ya tashi ɗungurungum ya sauka a filin ƙwallo, kwano da katako a haɗe, ɗaurin bango ne ya ci amanarsa. A ƙirga ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, a ja kowanne da hannu, a rubuta wanda ya tsinke ko tsatsa ta cinye.

Hawa sama shi ne na ƙarshe, kuma aikin kafinta ne ko mai kula da ya saba. Da sassafe, kafin kwano ya yi zafi, bayan raɓa ta bushe, wani na riƙe da tsani, an lura da wayar lantarki. A taka kan layin kusoshi, inda katako yake a ƙarƙashi. Kada a tura ɗalibi ko don ɗauko ƙwallo. Idan tsohon rufin asbestos ne, kada a taka shi sam: yana fashewa ba sanarwa, ƙurarsa kuma na cutar da huhu, don haka ba a yanka shi ko a kankare shi.

A sama, kusa ake fara dubawa. Zafin rana na buɗa kwano, sanyin dare na tsuke shi, a hankali kusa ta yi ta fitowa. Buga ta a tsohon raminta ɓata lokaci ne. A cire, a sa mai kauri ko a buga sabuwa a kusa, a toshe tsohon ramin da kwalta. A kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Inda falle ya hau kan falle, hawan ya kai inci 6. Tsatsar da ke sama-sama a goge ta da burushin waya a shafa jan fenti mai hana tsatsa; wadda ta riga ta huda, sai sabon falle.

A ce gini ne mai aji biyu da baranda, rufinsa murabba'in mita 150. Ruwan milimita 30 a dare ɗaya zai sauke masa lita 4,500, fiye da duro 22. In ganyen darbejiya ya toshe magudana, wannan ruwan jikin bango da gindin gini zai bi. A ce kuma dubawa ta nuna ɗauri uku sun tsinke a gefen gabas, falle huɗu sun huje, silin aji ɗaya ya yi tabo. Ido zai fi zuwa kan silin, don shi baƙo ke gani. Amma tsarin kashe kuɗi akasin haka ne: ɗaurin gabas a wannan makon, tunda daga nan hadari ya fi tasowa, fallayen kafin Mayu, silin ya jira Oktoba, bayan damina ta tabbatar da yoyon ya tsaya. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, don haka in an iya sayen guda, ragowar 16 a ajiye a sito, a ɗaga su daga ƙasa.

Da wannan littafin hedimasta zai je gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, da ƙiyasin kafinta a rubuce. Kusa, kwalta da fenti ba su fi ƙarfinsu ba. Ƙololuwar da ta lotsa ko katakon da gara ta gama da shi kuwa, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a haɗa da hotuna da kwanan wata, a fitar da yara daga ajin tun ranar.

Sauran shekara aikin ba yawa. A watan Afrilu a sare rassan da suka rufa kan rufi, a share magudana. Bayan kowace iska mai ƙarfi, mai kula ya zaga da safe kafin a buga ƙararrawa. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, malaman aji su zana da'ira da alli a duk inda ya ɗiga, a kwafe wuraren a kan zanen da ke littafi, don kafintan da zai hau a watan Oktoba ya san inda zai nufa.