Awon Kafin da Bayan: Wane Gwajin t Ya Dace da Bincikenka?

Wata ɗaliba mai karatun aikin jinya ta taɓa kawo mini takardar bincikenta rai a ɓace. Ta auna hawan jinin wasu mutane, ta ba su shawarar rage gishiri a abinci, bayan mako takwas ta sake auna su. Da idonta ta ga lambobin kusan kowa sun sauka, amma da ta shigar da su cikin kwamfuta sai sakamakon ya ce babu wani bambanci da za a dogara da shi. Ta ce mini, "Malam, ko dai aikin nawa ya tashi a banza ne?" Na karɓi takardar na duba. Awonta lafiya lau yake. Kuskuren yana wuri ɗaya: ta zaɓi gwajin da aka tanada don rukuni biyu na mutane daban-daban, alhali mutanenta guda ne, sau biyu ta auna su.

Gwajin t hanya ce ta lissafi da ake bi a gane ko bambancin da aka gani tsakanin matsakaitan awo biyu ya wuce abin da sa'a kawai za ta iya haifarwa. Asalinsa aikin William Sealy Gosset ne, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, wanda ya buga shi a mujallar Biometrika a 1908 da sunan aro, Student. Tunanin da ke ƙarƙashinsa ba mai wuya ba ne. Ana ɗaukar bambancin da aka gani a raba shi da girman rawar da lambobi ke yi da kansu ko da ba a yi musu komai ba. Abin da ya fito shi ne t. In t ya yi girma, bambancin ya fi ƙarfin rawar. In ya yi ƙanƙanta, rawar ta shanye shi.

To, wace rawa za a auna? A nan gwaje-gwajen biyu suka rabu. Gwajin rukuni biyu yana duban yadda mutane suka bambanta da junansu, wannan jininsa 134, wancan 180. Gwajin haɗe kuwa, wanda ke haɗa kowane mutum da kansa, ba ruwansa da wannan. Abin da yake tambaya shi ne nawa kowa ya sauya, kuma sauyin nan ya yi kama da juna daga mutum zuwa mutum ko kuwa kowa da inda ya dosa.

Bari mu yi misali da lambobin da na tsara don koyarwa. Mutum shida, an auna lambar sama ta hawan jininsu. Na farko ya tashi daga 168 zuwa 160, na biyu daga 142 zuwa 140, na uku daga 156 zuwa 147, na huɗu daga 180 zuwa 176, na biyar daga 134 zuwa 135, na shida daga 150 zuwa 142. Matsakaicin kafin 155 ne, na bayan 150. Ragin maki 5 ke nan, kuma wannan 5 ɗin ba ya sauyawa ko wane gwaji ka ɗauka.

Mu fara bin hanyar da ɗalibar ta bi. In ka ɗauki jerin kafin da jerin bayan kamar baƙin juna, za ka ga kowannensu a warwatse yake ƙwarai, domin tsakanin mai ƙarami da mai babba akwai sama da maki 40. Ma'aunin warwatsuwar jerin farko kusan 17 ne, na biyu kusan 15. In aka haɗa su bisa ƙa'idar gwajin, rawar da ake tsammani a bambancin matsakaitan biyu ta kai wajen 9.3. Raba 5 da 9.3, t ya zama 0.54. Ga awo goma sha biyu irin waɗannan, sai t ya haura 2.23 kafin a ce an samu wani abu bisa mizanin kashi 5 cikin ɗari da aka saba amfani da shi. Bai ko kusa ba. Kwamfuta za ta nuna p wajen 0.60, mai bincike ya rufe littafi yana cewa rage gishiri bai yi komai ba.

Yanzu mu tsaya kan kowane mutum. Ɗebe awon bayan daga na kafin, layi bayan layi: 8, 2, 9, 4, −1, 8. Jeri biyu sun koma jeri ɗaya mai lambobi shida. Dube su da kyau. Mai 180 da mai 134 da suka yi nisa da juna, yanzu tazarar da ke tsakaninsu maki 5 ce kacal, domin abin da kowa ya zo da shi na gado da shekaru da ƙiba ya fita a wajen ɗebewar. Matsakaicin sauyin 5 ne, warwatsuwarsa kuwa 4 daidai. Ƙa'idar ita ce:

```
t = d̄ / (s / √n) = 5 / (4 / √6) = 3.06
```

A nan d̄ matsakaicin sauyi ne, s warwatsuwar sauye-sauyen, n yawan mutane. Ga mutum shida, iyakar da za a haura 2.57 ce, kuma 3.06 ya haura ta. Darajar p ta faɗo wajen 0.03. Lissafin yana kuma nuna cewa ragin gaskiya mai yiwuwa yana tsakanin maki 0.8 da 9.2. Faɗin wannan tazara gargaɗi ne: akwai alamar raguwa, amma da mutum shida ba za a iya cewa babba ce ko ƙarama ba.

Lambobi ɗaya, amsa biyu masu karo da juna. Ta biyun ce daidai, ba don ta fi daɗin ji ba, sai don ita ce ta dace da yadda aka tattara awon. Gwajin rukuni biyu an gina shi a kan sharaɗin cewa kowane awo ba shi da alaƙa da sauran. Wanda jininsa ya yi sama a watan Muharram, da wuya ka same shi a ƙasan jeri a watan Rabi'ul Awwal. Awonsa biyu 'yan gida ɗaya ne, sharaɗin ya karye tun kafin a fara lissafi.

Ba a misalan aji kaɗai ake ganin wannan ba. A takardarsa ta 1908, Gosset ya yi aiki da awon da Cushny da Peebles suka yi kan majiyyata goma da aka gwada wa magungunan barci. Waɗannan lambobi suna nan cikin manhajar R da sunan `sleep`. Bambancin magani biyu a matsakaici awa 1.58 ne. In ka ɗauke su a matsayin rukuni biyu, p yana wajen 0.08. In ka haɗa kowane majiyyaci da kansa, yana sauka zuwa 0.003.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka guda ce: zan iya ɗora yatsa kan kowace lamba a jerin kafin in nuna abokiyarta a jerin bayan, in faɗi dalilin da ya sa su biyun suke tare? In amsar e ce, gwajin haɗe za ka yi. Kalmomin "kafin" da "bayan" su kaɗai ba sa yanke hukunci. A ce ma'aikatan lafiya sun auna mutum ɗari da suka ci karo da su a kasuwa, aka yi shekara ana wayar da kai a rediyo, sannan suka koma suka auna wasu ɗari daban. Akwai kafin, akwai bayan, yawan ma ɗaya ne, amma ba wanda yake da abokin haɗi. Wannan aikin gwajin rukuni biyu ne, kuma an fi son nau'in Welch, wanda ba ya buƙatar warwatsuwar rukunan ta zama daidai. Jera su layi-layi a kira su haɗe yaudarar kai ce.

A kwamfuta kalma ɗaya ce ke raba hanyoyin. A R haka ake rubutawa:

```r
kafin <- c(168, 142, 156, 180, 134, 150)
bayan <- c(160, 140, 147, 176, 135, 142)
t.test(kafin, bayan, paired = TRUE)
```

In ka manta da `paired = TRUE`, R zai yi gwajin Welch ba tare da ya ce maka uffan ba. A Excel kuwa lamba ta ƙarshe a cikin `T.TEST` ce ke zaɓa: 1 na haɗe, 2 da 3 na rukuni biyu. Hanya mai sauƙi ta kama kuskure ita ce duba lambar `df` a sakamakon. A gwajin haɗe tana zama yawan mutane ban da ɗaya, wato 5 a misalinmu. In ka ga kusan 10 alhali mutum shida ka auna, an ƙirga kowa sau biyu.

Gwajin haɗe yana da inda yake tuntuɓe. Rayuwarsa tana kan layi: in ka jera ginshiƙin bayan daga ƙarami zuwa babba ka bar na kafin yadda yake, ka aurar da awon wani ga wani, kuma kwamfuta ba za ta sani ba. Shi ya sa ake ba kowa lamba tun ranar farko. Wanda bai dawo awo na biyu ba kuwa dole ya fita daga lissafin, amma a faɗi yawansu a rahoto, domin sau da yawa waɗanda abin bai yi wa daɗi ba ne suke ɓacewa. Sannan ka dubi jerin sauye-sauyen da ido. In mutanen kaɗan ne kuma ɗaya ya yi tsalle shi kaɗai, kamar ragin 60 a cikin masu 5 da 8, ka bincika ko kuskuren rubutu ne kafin ka yarda da t.

Akwai kuma iyaka mafi girma, wadda na fi jaddada wa ɗalibar. Gwajin haɗe yana gaya maka cewa an samu sauyi, ba ya gaya maka abin da ya kawo shi. Hawan jini yana hawa da sauka daga rana zuwa rana. In ka zaɓi mutane domin awonsu ya yi sama a ranar farko, wasunsu a mummunar rana ka kama su, kuma awo na biyu zai sauko ko ba su taɓa gishirinsu ba. Ga kuma fargabar ganin ma'aikacin asibiti, wadda kan ragu a zuwa na biyu. Maganin wannan shi ne rukunin kwatanci: a raba mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu su rage gishiri, wasu su ci gaba yadda suke, a auna kowa sau biyu. Daga nan sai a fitar da sauyin kowane mutum kamar yadda muka yi, sannan a gwada sauye-sauyen rukunin farko da na biyu da gwajin rukuni biyu, tunda yanzu mutane daban ake kwatantawa. Ɗebewar ta kawar da bambancin da kowa ya zo da shi, kwatancen kuma ya kawar da abin da lokaci ya yi wa kowa.

Ɗalibar ta koma ta sake lissafinta da gwajin haɗe, raguwar ta fito fili. A babin ƙarshe ta rubuta cewa jinin mutanenta ya sauka cikin mako takwas, ta kawo yawan makin da tazararsa, ta kuma bayyana cewa ba ta da rukunin kwatanci, don haka ba za ta rantse gishirin ne sanadi ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ta fi faranta mini rai a kan darajar p ɗin da ta samu, domin ta nuna ta san abin da awonta ya faɗa da inda ya yi shiru.