Kalmomin ma'aikacin otal idan baƙo ya faɗi

Idan baƙo ya yanke jiki ya faɗi a otal, ma'aikaci kan durƙusa kusa da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, kana jina? Ina ke maka ciwo?" In ya amsa, sai a tambaye shi ko yana da ciwon suga ko hawan jini, da maganin da yake sha.

Wajen neman taimako ba a cewa "wani ya kira likita", domin kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido. Mutum ɗaya ake nunawa: "Kai, kira 112 yanzu." A waya kuwa, adireshi ne farko: sunan otal, unguwa, lambar ɗaki. Sannan a ce, "Namiji ne dattijo, yana numfashi amma ba ya magana."