Takarda Mai Lamba 047: Yadda Amsoshin Manomi Ke Komawa Layi Ɗaya a Kwamfuta

Idan masu bincike suka dawo daga ƙauye, abin da suke sauke wa a ofis shi ne kwali cike da takardun tambayoyi, wasu sun sha ƙura, wasu ruwa ya taɓa su, kowace da irin rubutun wanda ya cike ta. Kafin a ce manoma kaza cikin ɗari sun sa taki, sai wani ya zauna ya mayar da takardun nan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Yau akwai manhajoji irin KoboToolbox da ODK da ake cike amsa kai tsaye a waya, amma takarda ba ta mutu ba, domin ba ta neman caji kuma ba ta tsada.

Tsarin da ake bi yana da sauƙin faɗa. Ana buɗe jadawali a Excel ko makamancinsa, kowane mutum da aka yi wa tambaya ya samu layi ɗaya a kwance, kowace tambaya kuma ta samu nata layin a tsaye, wanda za mu kira ginshiƙi. Inda biyun suka haɗu gurbi ne, kuma abu ɗaya tak ake sa wa a ciki. Masanin ƙididdiga Hadley Wickham ya fayyace wannan ƙa'ida a wata maƙala ta 2014, kodayake masu ƙidaya sun daɗe suna aiki da ita. Wahalar tana wajen riƙe ta daga takarda ta farko har ta ƙarshe.

Mu ɗauki misali. A ce an zaga ƙauyuka huɗu, an yi hira da manoma 320, masu tambaya shida ne suka cike takardun. Kafin a taɓa kwamfuta, sai a ƙirga takardun, a rubuta wa kowace lambarta da jan biro a saman kusurwa, daga 001 zuwa 320. Wannan lamba ita ce igiyar da ta ɗaure layin kwamfuta da takardarsa. Suna ba zai yi wannan aiki ba, domin a ƙauye ɗaya za a iya samun Musa Ibrahim uku. Ban da haka, sunaye da lambobin waya a wani fayil dabam ake ajiye su a kulle, don kada duk wanda ya buɗe jadawalin ya san wane ne ya faɗi abin da yake samu.

Sai raɗa wa ginshiƙai suna, kuma a nan ne masu gaggawa ke shuka abin da za su girba daga baya. Idan mutum uku ke shigarwa, ɗaya ya rubuta `Shekaru`, ɗaya `shekarun manomi`, na ukun `Q3`, to ranar haɗa fayilolin kwamfuta za ta ɗauke su ginshiƙai uku ne mabambanta, kowanne da ramuka. Shi ya sa mutum ɗaya ke tsara sunayen tun farko, ya raba wa kowa fayil iri ɗaya, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Sunan ya zama gajere, da ƙananan haruffa, ba tazara a tsakani sai ƙaramin layin ƙasa, kamar `kudin_taki`. Manhajar lissafi irin Stata ba ta karɓar suna mai tazara, ko wanda ya fara da lamba, ko ya wuce haruffa 32. Ina son ƙ da ɗ da ɓ, amma a sunan ginshiƙi ina hakura da su, saboda idan aka adana fayil ba da tsarin UTF-8 ba, sai su dawo wasu alamomi marasa kan gado. Kusa da jadawalin akan ajiye wata takarda, mu kira ta kundin sunaye, wadda ke bayyana kowane suna: wace tambaya yake wakilta, me ake yarda a sa a ciki, kuma 1 da 2 me suke nufi.

Yanzu ga takarda mai lamba 047 a gabanmu. Ƙauye na biyu, namiji. Nan babu gardama: kundin ya ce namiji 1, mace 2. A wurin shekaru mai tambaya ya rubuta "kusan 50". Gurbin lamba kawai yake ci, don haka 50 za a sa, a kai kalmar "kusan" can ginshiƙin ƙarin bayani. Idan aka rubuta su tare, kwamfuta za ta ɗauki gurbin a matsayin magana, ta tsallake shi wajen lissafi ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Girman gona: "eka 2½". Manomin takarda ta 048 ya ce kadada ɗaya. Mai shigarwa da ya san cewa hekta ɗaya ta kai kusan eka 2.47 zai so ya juya lissafin a kansa don ya taimaka. Kada ya yi. A raba amsar gida biyu, adadi a wani ginshiƙi, ma'auni a wani, a bar juyawar ga mai nazari, wanda zai yi wa kowa da ƙa'ida ɗaya. Wannan ya fi tsanani a wajen amfanin gona, inda wani zai ce dami talatin, wani buhu takwas, wani ya auna da tiya ko mudu. Damin wannan ƙauye ba lallai ya kai na wancan ba, kuma wanda ke zaune a ofis ba shi da hanyar sani. Aikinsa ya kwafe abin da ke kan takarda. Gyara da fassara suna da nasu lokacin.

Tambaya ta gaba ta ce: waɗanne amfanin gona ka shuka bana? Manominmu an yi masa alama a gero, dawa da wake. Hannu zai so ya rubuta "gero, dawa, wake" a gurbi ɗaya, wani kuma ya rubuta "wake da gero", sai ƙirga masu gero ya zama aikin tsince tsakuwa a shinkafa. Mafita ita ce kowane zaɓi ya samu ginshiƙinsa, a sa 1 idan an yi alama, 0 idan ba a yi ba. Kada kuma a ba shi layi uku don ya shuka abu uku, domin daga nan ya zama mutum uku a ƙidaya. Haka idan takardar ta lissafa mutanen gidansa: su sai a buɗe musu jadawali na biyu, kowa da layinsa, kowane layi ɗauke da 047.

Sai muka iso kuɗin taki, muka tarar da wurin fayau. Wannan gurbi ya fi kowanne haɗari. Shin bai sayi taki ba ne? Ko ya ce bai tuna ba? Ko mai tambaya ne ya tsallake saboda rana ta yi? Ko kuwa tambayar da ta gabata ta ce wanda bai sa taki ba a wuce da shi? Dalilai huɗu ne, kuma ɗaya ne kawai yake kusa da sifili. Dubi abin da ke faruwa da manoma biyar: uku sun kashe naira 20,000 da 30,000 da 40,000, na huɗu ya ce bai kashe ko kwabo ba, na biyar ba a rubuta masa komai ba. Matsakaicin waɗanda suka amsa 22,500 ne. Idan aka cusa wa na biyar sifili, sai ya sauko 18,000, kuma rahoto zai fita da wannan adadi ba wanda ya lura. Don haka ake ware lambobi na musamman a kundin, misali `-99` ga wanda aka bari fayau, `-98` ga "ban sani ba", `-97` ga wanda tambayar ba ta shafa ba. Ana zaɓar lambar da ba za ta taɓa zama amsar gaskiya ba. Masu sa 99 a gurbin shekaru sukan wayi gari da ƙauye cike da tsofaffi. Dole kuma a sanar da manhajar lissafi ma'anar waɗannan lambobi, in ba haka ba za ta haɗa da su a jimla.

Ga yadda layin manominmu ya fito, da sunayen ginshiƙai a sama:

```
lamba,kauye,jinsi,shekaru,gona_adadi,gona_awo,gero,dawa,wake,masara,kudin_taki
047,2,1,50,2.5,eka,1,1,1,0,-99
```

Excel yana da nasa karambanin. Idan ba a mayar da ginshiƙi tsarin `Text` ba tun kafin a fara, zai cinye sifilin gaba, 047 ta koma 47, lambar waya ma ta rasa kanta. Idan aka rubuta 3-4, ana nufin buhu uku zuwa huɗu, sai ya mayar da ita kwanan wata. Ranar hira kuwa gara kowa ya rubuta shekara, wata, rana, kamar `2024-03-05`, saboda 05/03 wata kwamfutar Maris za ta karanta, wata Mayu.

Rubutun hannu shi ma sai an saba da shi. 1 da 7, 4 da 9, 0 da 6 sukan yi kama idan an rubuta a tsaye, takarda a kan cinya. Dabara ita ce a tara takardun mai tambaya ɗaya wuri guda, a duba yadda yake rubuta 7 a inda babu shakka. Wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Damagaram yakan ja wa 1 dogon baki, ya gitta wa 7 layi, kuma biyu da rabi a wurinsa 2,5 ne da waƙafi. A can akwai wani tarkon: a kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka manomin da ya ce ɗari yana nufin sefa 500. Sai an tambayi mai cike takardar wanne ya rubuta. Abin da ya gagara karantuwa kuma ba a cankarsa. A sa masa alama, a rubuta lambar takarda da ta tambaya a littafin matsaloli, a kira mai tambayar tun bai manta ba.

Ko mai natsuwa yana kuskure. Takardu 320 masu ginshiƙi 60 gurabu 19,200 ke nan. A ce hannu ya zame sau ɗaya a kowane ɗari, an sami kurakurai 192. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne shigarwa sau biyu: mutum biyu su shigar da takardu ɗaya ba tare da ganin aikin juna ba, kwamfuta ta gwada fayilolin, duk inda suka saɓa a ɗauko takarda ta raba gardama. EpiData da CSPro suna da wannan tsari a cikinsu, kuma kyauta ake samunsu. Suna iya ƙin karɓar shekara 500 ko jinsi na 3 tun a lokacin bugawa. Iyakar dabarar ita ce idan duka biyun suka karanta 1 a matsayin 7, za su yi daidai da juna a kan kuskure.

Wanda ba shi da halin biyan mutum biyu, ya zaɓi takarda ɗaya cikin kowace goma ya karanta ta da jadawali gurbi-gurbi. Ya ƙirga layuka ya ga 320 ne cif, ban da layin sunaye. Ya sa wannan a sabon ginshiƙi don kama lambar da aka maimaita:

```
=COUNTIF(A:A,A2)>1
```

Sannan ya jera kowane ginshiƙi daga ƙarami zuwa babba ya duba kai da gindi, amma ya tabbata duk jadawalin ya zaɓa, kada ginshiƙi ɗaya ya motsa ya bar sauran, shekarun wani su koma kan wani. A nan ake tsintar manomi mai eka 25 wanda takardarsa ta ce 2.5, da yaro ɗan shekara 4 mai mata biyu. Idan an gyara, a kwafin fayil ake yi, a bar na asali yadda yake, takardun kuma a mayar da su kwali bisa jerin lambobinsu, domin bayan wata shida wani zai zo neman 047.