Bin sawun murya: yadda shirye-shiryen Faransanci masu sassauci ke buɗe kunne da warware harshe

Ɗalibin da ya kai matakin tsakiya a Faransanci, wanda malamai ke kira B1, yakan tsinci kansa a wani hali mai ɗaure kai. A ba shi jarida, zai karanta ya kawo ma'ana. A ce ya rubuta wasiƙa, zai rubuta. Amma da zarar an kunna masa rediyo, sai maganar ta zame masa igiya guda mai tsawo, bai san inda kalma ta fara ba balle inda ta ƙare. Kalmomin duk ya san su a takarda, kunnensa ne bai san su ba.

Laifin ba na ɗalibin ba ne kacokan. Faransawa ba sa furta kalma ɗaya ɗaya. Suna haɗa kalmomi uku ko huɗu su zama dunƙule guda, su furta shi kamar kalma ɗaya, sannan su ɗan ja gaɓar ƙarshe. A cikin dunƙulen, baƙin da ke ƙarshen wata kalma yakan tsallaka ya manne wa wasalin kalmar da ke biye, har ma baƙin da ba a furta shi idan kalmar tana ita kaɗai sai ya farfaɗo. Wanda ya koyi harshen daga littafi yana kasa kunne ya ji kalmomi, alhali dunƙule-dunƙule ake turo masa.

Ga misali da jimla mai sauƙi: Les enfants vont à l'école avec leurs amis quand il ne pleut pas. Ma'anarta, yara suna zuwa makaranta tare da abokansu idan ba a ruwa. A takarda kalmomi 13 ne. A bakin mai magana kuwa dunƙule huɗu ne kacal: les enfants, sai vont à l'école, sai avec leurs amis, sannan quand il ne pleut pas. Na farko yana fita kamar "lezanfan", domin harafin s na les ya farka ya zama z. Haka leurs amis ke zama "lerzami". Harafin d na quand kuma t yake komawa, sai a ji "kantil". Ɗalibin da ke jiran ya ji "anfan" ko "ami" su kaɗai zai yi ta jira har jimlar ta wuce shi. A ƙarshen dunƙule uku na farko murya takan ɗan ɗaga, alamar da sauran magana, a na huɗu kuma ta sauka.

A nan ne shirye-shiryen murya da ake saukewa a waya, wato fodkas, ke da rana, musamman waɗanda aka tsara su da sassauci domin masu koyo. Gidan Rediyon Faransa na Duniya yana da Journal en français facile, labaran duniya na minti 10 da ake karantawa a tsanake, kuma ana saka rubutun abin da aka faɗa a shafinsu. Akwai InnerFrench, wanda Hugo Cotton, malamin Faransanci, ya fara a 2017. Shi yakan ɗauki batu guda ya yi ta hira a kansa na kimanin rabin awa, da Faransanci zalla, a hankali amma ba tare da ya datse kalmomi ba. Akwai kuma Français Authentique na Johan Tekfak, da News in Slow French mai kawo labarai cikin tafiyar hawainiya.

Ba kowane jinkiri ne ke da amfani ba. Shiri mai kyau yana ƙara tsawon shirun da ke tsakanin dunƙule da dunƙule, amma ya bar kowane dunƙule a haɗe yadda yake. Shiri maras kyau yakan raba kowace kalma da 'yar'uwarta, ya ce les, ya tsaya, ya ce enfants, sai ya rushe ainihin abin da ake son kunne ya saba da shi. Gwajin ba wuya: a saurari minti ɗaya da rubutun a hannu, a duba ko ana jin z a irin su les amis da nous avons. Idan ana ji, shirin ya yi.

Sauraro kaɗai yana buɗe kunne, amma ba ya motsa harshe. Shi ya sa ake haɗa shi da bin sawun murya, dabarar da masu neman bayani a intanet za su samu da sunan shadowing. A makarantar allo malam yakan biya, ya yi shiru, almajiri ya maimaita. A nan babu wannan shirun. Mai magana yana cikin maganarsa, ɗalibi na biye da shi da baki, tazararsu ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu ba, yana kwaikwayon sauti da ɗagawar murya da wurin jan numfashi.

Dabarar ta daɗe. A 1953 masanin kimiyya Colin Cherry na Birtaniya ya yi amfani da ita wajen nazarin yadda mutum ke tsame murya ɗaya daga cikin hayaniya. A 1973 William Marslen-Wilson ya nuna cewa wasu mutane na iya bin magana da tazarar kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, kuma duk da wannan saurin suna fahimtar abin da suke faɗa. Makarantun horar da tafintoci sun daɗe suna sa ɗalibansu yin ta. Wanda ya yayata ta a tsakanin masu koyon harsuna shi ne Alexander Arguelles, Ba'amurke masanin harsuna da yawa, wanda ya ce a yi ta ana tafiya da sauri a waje, a miƙe ƙyam, ana ɗaga murya sosai. Ba dole ne kowa ya fita titi yana magana shi kaɗai har maƙwabta su fara tambayar lafiya ba, amma batun ɗaga murya gaskiya ne, domin raɗa ba ta horar da leɓe.

Aikin yana farawa da zaɓen ɗan guntu, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ba shirin gaba ɗaya ba. Mai koyo zai saurare shi sau biyu ba tare da ya kalli rubutu ba, ya ga abin da ya kama. Sannan ya buɗe rubutun, ya nemi ma'anar abin da ya shige masa duhu. Idan kusan kowane layi sai ya buɗe ƙamus, guntun ya fi ƙarfinsa, ya nemi wani. Daga nan sai ya ɗauki biro ya sake saurare, yana jan layi a tsaye duk inda mai maganar ya ɗan tsaya, yana zana baka a ƙarƙashin kalmomin da suka manne, yana soke haruffan da ba a furta ba. Jimlar yaran nan za ta fito da layuka uku a tsakiya da baka a ƙarƙashin les enfants, leurs amis da quand il.

Sai bin sawun kansa. Zagayen farko gunguni ne, babu kalmomi, ana bin hawa da saukar muryar kawai. Zagaye na biyu da na uku ana furtawa ido na kan takarda. Bayan haka a kife takardar a bi da kunne. Abin sauraro a kunne ɗaya ake sa shi, domin ɗaya kunnen ya ji abin da baki ke fitarwa. Minti 10 zuwa 15 a rana sun isa, kuma guntu guda yakan ɗauki kwanaki kafin ya zauna. A ƙarshe mai koyo ya naɗi muryarsa a waya, ya saurari tasa da ta asali, jimla bayan jimla.

Wannan naɗin ba a tsallake shi, domin baki yana da wata ɗabi'a. Binciken masu bin sawun murya ya nuna cewa idan aka gurɓata kalma da gangan, sau da yawa sukan furta ta daidai ba tare da sun lura ba. Ashe mutum yana faɗin abin da yake tsammanin ji ne. Ga ɗalibi, hakan na nufin zai iya jin "lezanfan" ya ce "le anfan" irin na da, ya rantse ya kwaikwaya daidai. Sai ya ji kansa a waya yake gane cewa tsohon halin na nan.

Bahaushe yana shigowa wannan aikin da jari. Kunnen da ke rarrabe gari na mutane da garin tuwo ta tsawon wasali ba zai sha wuyar jin gaɓar da aka ja a ƙarshen dunƙule ba. Sai dai a Hausa kowace kalma da nata karin sautin, a Faransanci kuwa karin na dunƙule ne, don haka dole a bar gaɓoɓin tsakiya su tafi sumul, tsawonsu kusan ɗaya. Wanda ya bi ta Ingilishi kafin ya iso Faransanci, kamar yawancin ɗaliban Kano ko Zariya, yakan danna wata gaɓa a farko ko tsakiyar kalma, ya haɗiye sauran. Naɗin murya yakan kuma tona wasu abubuwan: p da ke zamewa f, v da ke zama b, wasalin tu da ke komawa na tout, da n ɗin da ake bugawa da harshe a ƙarshen enfants alhali ta hanci wasalin ke fita. Kowanne daga cikinsu gara a ware masa mako guda, maimakon a far musu gaba ɗaya.

Akwai alamun da ke nuna aikin ya karkace. Idan mai koyo yana faɗin farkon jimla ya rasa ƙarshenta, guntun ya yi masa sauri, sai ya rage gudun zuwa 0.75x na ɗan lokaci. Ƙasa da haka sautin yakan lalace, wasula su miƙe fiye da ƙima. Idan kuma ya fara riga mai maganar, to ya haddace ne, kunne ya daina aiki, lokacin sauya guntu ya yi. Idan ya gama bai iya faɗin abin da aka tattauna ba, bakinsa ne kawai ya yi motsi.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta koya wa mutum ƙirƙirar jimlarsa ba, wannan sai da abokin hira. Harshen labarai kuma harshen ofis ne. A hirar yau da kullum Bafaranshe yakan jefar da ne, ya ce quand il pleut pas, je ne sais pas ta koma "shepa", tu as ta zama "ta". Wanda kuma Faransancinsa na hulɗa da mutanen Yamai, Kwatano ko Yawunde ne, ya kamata ya haɗa da muryoyin Afirka, irin waɗanda ake ji a labaran Afirka na TV5Monde, domin karinsu ya sha bamban da na Faris.

Shirin sassauci kansa akwai ranar barinsa. Idan mai koyo ya ga yana bin sabon guntu tun zagaye na biyu ba tare da takarda ba, sai ya ƙara gudun zuwa 1.25x. Bayan wasu makonni ya ɗauko daƙiƙa 20 daga hirar da aka yi domin Faransawa su da kansu, mai katse juna da dariya da "euh", ya zauna da biro ya fara jan layukansa daga jimlar farko.