Inda Kowane Abinci Ya Kamata Ya Zauna a Firji

Sanyin cikin firji ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka ƙasa take gangarawa, can ciki kuma kusa da bango ya fi bakin kanta sanyi. Abin da ake nema shi ne tsakiyar firji kada ya wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, domin da zarar an haura digiri 5, ƙwayoyin cuta sun samu damar hayayyafa.

Ƙofa ce ta fi ko'ina ɗumi, tunda ita ke shan iskar ɗaki duk lokacin da aka buɗe. Ruwan sha da lemon kwalba ne suka dace da ita. Nono, madara da kunun aya, masu saurin tsami, can ciki ya kamata su zauna. Dafaffen abinci, irin su ragowar miya da shinkafa, wurinsa kantocin sama da na tsakiya, a rufe. Ɗanyen nama, kaza da kifi kuwa sai kantar ƙasa, cikin roba mai murfi, don kada jininsu ya ɗiga a kan abin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba. Durowar ƙasa mai riƙe danshi ta alayyahu ce da karas da kabeji. A ƙaramin firji mai ƙofa ɗaya lissafin ya ɗan sauya, domin faifan da ke ƙarƙashin akwatin ƙanƙara ne ya fi sanyi.

Babbar ɓarnar dai daga cunkoso take zuwa, kuma an fi ganinta da Babbar Sallah. Firji mai fanka yana huro sanyi ta wasu ƙananan kafofi a bangon baya. Idan aka danna ledojin naman layya har suka toshe su, ledar da ke manne da kafar sai ta daskare, alhali tsakiyar tulin yana nan da ɗuminsa har wayewar gari. Daga nan nama ke fara wari, maigida ya yi ta zargin firji. Alamomin ba sa ɓuya: injin yana ta ruri ba hutu, kayan baya sun yi ƙanƙara, na gaba kuma ba sanyi.

Maganin shi ne a rarraba naman ƙanana, a baje shi shimfiɗe, abin da ba za a dafa cikin kwana 2 ba a kai shi firiza. A bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin kaya da bango, kada kuma kayan su wuce kashi uku cikin huɗu na firjin. Firiza ce ke son cika: in aka ɗauke wuta, cikakkiya tana riƙe sanyi kusan awa 48 muddin ba a buɗe ta ba, shi kuwa firji kusan awa 4 kawai.

Mai son tabbatarwa sai ya sa ma'aunin zafi cikin kofin ruwa a kantar tsakiya ya kwana. Idan da safe ya nuna sama da digiri 4, a rage kaya tukuna kafin a taɓa makunnin ƙara sanyi.