Buhun sukari ɗaya da layi biyar: wasiƙar ƙarshen wata daga manajan kanti

Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani kanti ya san daren ƙirga kaya. An rufe ƙofa bayan sallar isha, yara biyu suna kan tsani suna kiran adadi, manaja yana zaune a kan katan da biro a hannu, mai kantin kuwa yana can Legas ko Saudiyya yana jiran labari. Da can sai ya dawo ake zama a buɗe littafi. Yanzu da yawa daga masu manyan kantunan kayan masarufi suna so a aiko musu da bayanin ta imel a farkon kowane wata, saboda imel yana zama da kwanan watansa, ana iya lalubo shi bayan shekara, ba kamar saƙon murya ba da yake nutsewa a cikin gaisuwar Juma'a da hotunan biki.

Ga misalin irin wannan wasiƙa. Kantin da farashin duk na misali ne, na tsara su ne don lissafin ya fito fili. A gurbin da aka rubuta Subject manajan ya sa: Asarar kaya ta watan Afrilu, ₦120,000. Sannan ya ci gaba:

"Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Da fatan an yi tafiya lafiya. Mun ƙirga kaya daren 30 ga wata bayan an rufe kanti, ni da yara biyu. Cinikin wata ya kama ₦8,000,000, asarar kaya kuma ₦120,000 a farashin sari. Ga yadda ta kasu:"

| Kaya | A littafi | A ƙirge | Gibi | Kuɗi (₦) | Dalili |
|---|---|---|---|---|---|
| Sukari, buhu | 10 | 9 | 1 | 80,000 | Ba a gano ba |
| Yogot, kwalba | 60 | 36 | 24 | 12,000 | Ya lalace, rashin wuta |
| Ƙwai, kiret | 20 | 18 | 2 | 10,000 | Fashewa |
| Indomi, katan | 35 | 34 | 1 | 9,600 | Ɓera |
| Madara, gwangwani | 240 | 228 | 12 | 8,400 | Wa'adi ya ƙare |
| Jimilla | | | | 120,000 | |

"Kayan da suka lalace na ajiye su a bayan sito, ban zubar ba sai ka gani ko ka ba da umarni. Maganar sukari ina kan bincike, zan sanar da kai kafin Juma'a in sha Allah. Ina neman izininka mu rage odar yogot zuwa rabi har zafi ya sauka. Na gode, Allah ya ƙara arziki."

Shi ke nan wasiƙar, kuma gajartar tana cikin abin da ya sa ta yi aiki. Alhaji a waya zai karanta ta, wataƙila a cikin mota, don haka jimillar kuɗin tana nan tun daga kan saƙo, jadawalin kuma yana cikin jikin wasiƙar. Manajoji da yawa suna haɗo fayil ɗin Excel mai layi ɗari uku su ce "duba abin da na haɗo", alhali mai kanti ba zai buɗe shi ba, in ya buɗe ma ba zai san inda zai sa ido ba. Cikakken lissafin yana iya biyowa a matsayin ƙari ga mai son tonawa. Abin da ya kamata ido ya fara faɗawa a kai shi ne layuka biyar ko shida, an jera su daga mafi tsada zuwa mafi araha.

Adadin da ke ƙarƙashin "a littafi" yana da hanyar da ake samo shi, kuma a nan ne gaskiyar jadawalin take. Ɗauki sukari. A ƙirgar ƙarshen Maris an bar buhu 6 a sito. A cikin Afrilu an saro buhu 30 daga Kasuwar Singa, ka ga 36 ke nan. Rasitai sun nuna an sayar da 26. Saboda haka buhu 10 ya kamata a tarar. Da aka shiga sito aka ɗora hannu a kan kowane buhu, sai aka sami 9. Wannan buhu ɗaya da ke tsakanin abin da takarda ta ce da abin da hannu ya taɓa, shi ne gibi. Idan manaja bai tashi ya ƙirga ba, ya kwafo adadin littafi ya zuba a gurbi biyun, jadawalin zai fito tas babu gibi ko ɗaya. Mai kantin da ya ga an yi wata uku a jere ba a rasa ko gwangwani ɗaya ba a kantin da ake cinikin miliyoyi, to ya tambayi ranar da aka yi ƙirgar da waɗanda suka halarta.

Sai maganar kuɗin. An ƙiyasta asarar ne a farashin da aka saro kaya, domin shi ne kuɗin da ya fita daga jarin Alhaji. In aka yi amfani da farashin sayarwa, an cusa ribar da ba a taɓa samu ba a cikin asara, adadin ya kumbura, hankalin mai kanti ya tashi fiye da kima. Wasu kantuna sun fi son farashin sayarwar, kuma ba haramun ba ne, amma a zaɓi ɗaya a faɗe shi a wasiƙa, a kuma tsaya a kansa kowane wata, in ba haka ba Afrilu da Mayu ba za su gwadu ba. A lokacin da farashi yake canjawa tsakanin sari da sari, abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauki farashin sarin ƙarshe a rubuta cewa shi aka ɗauka.

Naira 120,000 a cikin cinikin miliyan 8 kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari, kuma a ido kamar ba wani abu ba ne. Amma kayan masarufi ribarsu siririya ce. Mu ƙaddara kantin yana cin naira 8 a kan kowace naira 100 ta ciniki. Kafin a mayar da waccan asara sai an sake cinikin naira miliyan ɗaya da rabi, wato kwana biyar ko shida yara suna ɗaukar kaya, janareta yana shan mai, duk don cike ramin da aka riga aka faɗa. Wannan lissafin ne yake sa mai kanti ya daina cewa "ai kasuwa ta gaji haka".

Layuka huɗu na ƙasa ba su da wuyar sha'ani, domin kowanne ya zo da maganinsa. Madarar da wa'adinta ya ƙare tana nuna cewa ana jibga sabon kaya a gaban tsoho a kan kanta, sai a koya wa yara su tura sabo baya su jawo tsoho gaba. Ɓera yana nufin a ɗaga katan daga ƙasa a kan katako, a toshe ramuka. Yogot ɗin da ya kumbura a zafin Afrilu ya riga ya sa manajan ya nemi a rage oda. Abin lura kawai shi ne hujja: kayan da aka ce sun lalace a ajiye su ko a ɗauki hotonsu da kwanan wa'adin a fili, saboda "ya lalace mun zubar" tsohuwar ƙofa ce da kaya masu lafiya suke bi su fice.

Layin farko shi ne mai nauyi, kuma a ganina shi ne ma'aunin manajan. Kashi biyu cikin uku na asarar watan yana kan buhun sukarin nan, kuma mutumin ya rubuta "ba a gano ba". Rubuta wannan yana da ciwo, don kamar mutum yana shaidar gazawarsa ne da hannunsa. Akwai hanyoyi biyu na kauce masa, duka kuwa munana ne. Ta farko ita ce a rarraba kuɗin a kan sauran layuka, a ƙara wa ɓera laifi, a ƙara wa rashin wuta, har buhun ya narke a cikin jadawali. Ta biyu ita ce a rubuta "sata", wani lokaci har da sunan yaron da ake zargi. Imel ba ya gogewa, ana tura shi gaba, kuma yaron da aka liƙa wa sata a rubuce ya rasa aiki da mutunci a unguwa, ko da daga baya buhun ya fito. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji masu magana, balle a ce bai zama ba.

Kafin a kai ga zargin kowa akwai wurare uku da ake dubawa. Ana fara da takardar da ta rako kaya, a gwada ta da abin da aka sauke daga mota, domin yana yiwuwa an rubuta buhu 30 an sauke 29, wanda ya karɓa kuma ya sa hannu bai ƙirga ba saboda layin masu saye. Daga nan sai littafin bashi: mai shayin bakin titi da ya saba ɗaukar buhu ya biya bayan sati biyu, in aka manta ba a rubuta ba, kayansa zai fito a matsayin gibi alhali kuɗi ne da ke hannun mutum. Na uku shi ne wanda manajoji suke jin nauyin faɗa, wato gidan mai kantin kansa. Hajiya ta aiko direba a ba shi buhun sukari da katan ɗin taliya, wa zai ce mata sai an yanka rasit? Kaya na Alhaji ne, yana da ikon ɗauka, amma in ba a buɗe wa gida shafinsa a littafi ba, abin da aka ci a gidansa zai dawo a kan wuyan yaran kanti a ƙarshen wata.

Akwai kuma gibin da awo yake haifarwa. In ana farke buhu mai kilo 50 ana sayarwa da kwano, kowane awo da tozonsa, ga gyara da ake yi wa mai saye, ga wanda ya zube a ƙasa. A hankali sai a ga buhu bai ba da adadin kwanon da aka sa rai ba. Irin wannan ba ya ɓatar da buhu sukutum a dare ɗaya, amma yana taruwa, kuma maganinsa shi ne a ware buhun da aka farke a lissafa shi daban da waɗanda suke a ɗinke. Haka nan rikicin katan da ƙwaya: katan ɗin ƙaramar indomi guda 40 ne a ciki, in mai rubutu ya shigar da katan ɗaya a matsayin ƙwaya ɗaya, littafi zai nuna ɓatan da babu shi a zahiri. Shi ya sa jadawalin ya faɗi ma'aunin kowane kaya kusa da sunansa, buhu ko kiret ko kwalba.

A misalinmu, a ce ranar Laraba manajan ya tambayi direba, direba ya ce ai shi ya kai buhun gida ranar sunan jikar Alhaji. Abin da ya dace shi ne manajan ya amsa a ƙarƙashin wasiƙar farko, kada ya buɗe sabuwa, ya rubuta layi biyu: an gano sukari, an mayar da shi shafin gida, asarar Afrilu ta koma ₦40,000, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. Kada ya goge tsohon adadin, a bar shi a sama yadda duk wanda ya zo duba lissafin shekara zai ga yadda gyaran ya faru.

Saura kai mai kanti. Idan manajanka ya aiko maka da layin da ya ce ba a gano ba, ka tambaye shi inda ya duba da inda ya rage, ka ba shi kwanakin da ya nema. In ka rufe shi da faɗa a waya tun kafin ya gama bincike, wata mai zuwa za ka sami jadawali mai tsabta wanda ɓera ya cinye komai a cikinsa. Kafin ka kira shi ma, fara tambayar gida ko an aika kanti a wannan watan.